Dakatarwa, Rage Ƙunshi, Ko Sokewa: Wanne Ya Fi Sauƙi A Aljihu?

Yau maganarmu a kan kuɗin wata-wata ne, irin wanda muke biya don kallon tashoshin tauraron ɗan Adam, ko kallon fim da jin waƙa a waya, ko ajiye hotuna a intanet. Idan aljihu ya yi sanyi, ko tafiya ta taso, abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne ya soke. To amma sokewa ɗaya ce daga cikin ƙofofi uku, kuma ba kullum ce ta fi araha ba. Haka nan sauran biyun, wato dakatarwa da rage ƙunshi, su ma ba kullum suke da riba ba, ko da kamfani ya nuna muku kamar alheri yake yi muku.

Ku ɗauki misalin mai rumfa a kasuwa da zai tafi gona damina. Yana iya sakin rumfar baki ɗaya, in ya dawo ya nemi wata. Yana iya kulle ta ya ce a ajiye masa. Yana kuma iya komawa ƙaramar rumfa ya bar yaronsa a ciki. Duk ɗan kasuwa ya san abin da zai duba kafin ya zaɓa: nawa zan kashe in riƙe wurina, nawa kuma zan kashe in na sake shi sannan na dawo nema? Wannan tambayar ita ce maganarmu ta yau gaba ɗaya.

Fara da sanin irin biyan da kuke yi

Biyan wata-wata iri biyu ne, kuma da yawa daga cikinmu muna haɗa su wuri guda.

Na farko shi ne wanda kuke biya tukuna sannan a buɗe muku. Haka akasarinmu muke yi da Canal+, DStv, GOtv da StarTimes: ku je wurin wakili ko ku tura ta waya, a buɗe muku wata guda. Watan ya ƙare ba ku sabunta ba, hoto ya ɗauke. Masu DStv da GOtv sun san saƙon E16 da ke fitowa a allo. Ba wanda zai biyo ku bashi, dikodarku tana nan, lambar katinku tana nan. A irin wannan, ƙin biya shi kansa dakatarwa ne, kuma kyauta ne.

Na biyu shi ne wanda kuka ba da lambar katin banki, kamfani yana cirar kuɗinsa da kansa duk wata, kamar Netflix, YouTube Premium da Google One. A nan yin shiru ba ya tsayar da komai. Ko kun kalla ko ba ku kalla ba, ranar biya ta zo za a cira. Goge manhajar daga waya ma ba ya soke biyan. Mutane da yawa sun yi watanni ana zare musu kuɗi a kan manhajar da suka daɗe da gogewa. A wannan rukunin ne dole ku shiga da hannunku ku zaɓi ɗaya cikin ukun. A allo za ku ga "Pause" don dakatarwa da "Cancel" don sokewa. Masu wayar da ke kan Faransanci su nemi "Suspendre", da "Annuler" ko "Résilier".

Yanzu bari mu bi mutum guda mu ga yadda lissafin ke tafiya. A ce wani ɗan kasuwar hatsi ne a Maraɗi, zai tafi ƙauyensu noma na wata uku, Yuni, Yuli da Agusta. Yana biyan abubuwa uku duk wata. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne kawai don lissafi ya fito fili. Farashi yana canzawa, kuma na Nijar daban da na Najeriya ko Kamaru, don haka kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Talabijin ɗin gida

A ce yana kan babban ƙunshi na sefa 10,000 a wata saboda ƙwallo, akwai kuma ƙarami na 5,000 mai labarai, tashoshin yara da wasu finafinai. Gasar Firimiya ta Ingila tana ƙarewa a watan Mayu, sai Agusta ta dawo. Ke nan, in ba shekarar wata babbar gasa irin ta cin kofin duniya ba ce, Yuni da Yuli babu abin da ya sa shi biyan babban ƙunshin ko da yana gida.

Cikin wata ukun nan, in ya ci gaba da biyan babban ƙunshi, 30,000 ke nan. In ya koma ƙarami, 15,000. In ya bari ya mutu, ko dala ba zai kashe ba, kuma ranar da ya dawo zai biya 10,000 a buɗe masa kamar yadda ya bari.

Ku lura da kyau a nan. Rage ƙunshi ya fi ci gaba da biya sauƙi da 15,000, amma ya fi barin sa ya mutu tsada da 15,000. A tsarin biya tukuna, komawa ƙaramin ƙunshi ba ya kare muku komai, domin babu abin da za ku rasa in kun tsaya. Dalili guda ne zai sa a rage maimakon a bari: akwai masu kallo a gida. In uwargida da yara suna nan, sai a rage. In gidan za a kulle, a bar shi ya mutu. Duk wanda ya ce muku ku riƙa biyan ƙarami don kada kati ya lalace, ku tambaye shi inda aka rubuta haka.

In za a rage, akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na farko, mutum ya tura kuɗin ƙaramin ƙunshi ba tare da ya canza ƙunshin ba. Na'urar kamfani tana ganin har yanzu yana kan babba, kuɗin bai kai ba, sai ya zauna a asusu hoto bai dawo ba. Don haka a fara canza ƙunshi, a wurin wakili ko a manhajar kamfanin, sannan a biya. Na biyu, mutum ya nemi ragewa a tsakiyar watan da ya riga ya biya, yana tsammanin za a maido masa da canji. Yawanci ba a maidowa. Ku jira watan ya cika, ku ci abin da kuka saya, sannan ku sauka.

Ga waɗanda ke Najeriya akwai ƙarin bayani guda. A shekarar 2016 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta umarci MultiChoice, mai DStv, ya riƙa barin mai biya ya dakatar da kallonsa na kwana 7 zuwa 14, sau biyu a shekara, in ya sanar da wuri. Wannan yana da amfani ga gajeriyar tafiya, misali kun biya wata sai rasuwa ko biki ya taso za ku yi mako biyu ba ku nan. Ku kira su tun kafin ku tashi ku nemi a tsayar muku da kwanakin. Amma ga mai tafiyar wata uku, kwana 14 ba za su yi masa komai ba.

Abin da ake cira ta katin banki

Abu na biyu da mutuminmu ke biya shi ne wata manhajar kallo a waya. A ce ya shiga tun tana sefa 3,000 a wata, an bar tsofaffin masu biya a haka, amma sabon shiga yanzu 4,000 yake biya. A ƙauye sabis ba ya kai ya kalli komai. Mu yi lissafin shekara guda daga ranar tafiyarsa.

In ya ƙyale ana cira, wata 12 sau 3,000, wato 36,000.

In ya soke, wata ukun tafiya ba ya biyan komai. Amma in ya dawo sabon shiga ne, wata 9 sau 4,000, shi ma 36,000. Kun ga abin mamaki: ya hana kansa wata uku, ya kuma biya daidai da wanda bai soke ba. Daga shekara ta biyu kuwa asara ce zalla, 1,000 duk wata.

In akwai dakatarwa ta kyauta mai riƙe masa tsohon farashi, wata 9 sau 3,000, wato 27,000. Ita ce ta fi duka sauƙi.

In kuma ya koma ƙaramin ƙunshi na 1,500, wata ukun za su ci 4,500. Idan ya dawo aka mayar da shi tsohon farashinsa, jimla 31,500. Idan kuwa saukar da ya yi ta raba shi da tsohon farashin, zai biya 4,500 da 36,000, wato 40,500. An gudu ba a tsira ba, domin wannan ya fi kowanne tsada.

Saboda haka kafin ku taɓa komai, ku nemi amsar tambaya guda: in na dawo, a wane farashi zan dawo? In kuna kan rangwame, ko farashin ɗalibai, ko tsohon ƙunshin da aka daina sayarwa, to kuna da abin karewa. In kuwa farashinku daidai yake da na sabon shiga, babu abin da sokewa za ta ƙwace muku ta fuskar kuɗi, kuma ita da dakatarwar kyauta kuɗinsu ɗaya ne.

Tsawon tafiya ma yana juya lissafin. Da wata shida zai yi, sokewa za ta sa ya biya wata 6 sau 4,000, wato 24,000 a shekarar, maimakon 36,000. Ya ajiye 12,000, kuma sai an yi wata shekara guda cur kafin ƙarin 1,000 ɗin nan ya cinye su. Gajeriyar tafiya tana son dakatarwa, doguwa tana son sokewa.

Wani lokaci dakatarwar ba kyauta ba ce, ana karɓar ɗan kuɗin riƙo duk wata, wanda ya soke kuma ana cajinsa kuɗin sake haɗawa. Lissafin wannan ba wuya: ku raba kuɗin dawowa da kuɗin riƙo. In sake haɗawa 2,000 ne, riƙo kuma 500 a wata, amsa 4 ce. Tafiyar da ba ta kai wata huɗu ba, ku dakatar. Wadda ta wuce wata huɗu, ku soke ku biya kuɗin haɗawa in kun dawo.

Yadda dakatarwa take aiki, da tarkonta

Mu ɗauki YouTube Premium, tunda ƙa'idarsa a fili take. Yana barin mai biyan wata-wata ya dakatar har tsawon wata shida. Dakatarwar ba ta farawa ranar da kuka danna, sai watan da kuka riga kuka biya ya ƙare. Lokacin da take aiki talla za ta dawo, abubuwan da kuka sauke a waya ba za su buɗu ba sai kun ci gaba, kuma in ƙunshin iyali ne, duk waɗanda ke ƙarƙashinku su ma an tsayar da su. Wasu manhajojin da ake biya ta Google Play su ma suna da wannan dama, daga mako guda zuwa wata uku, amma sai in mai manhajar ya buɗe ta. In ba ku ga "Pause" ba, to babu ita a wannan manhajar.

Tarkon shi ne: dakatarwa tana da ranar ƙarewa, kuma ranar ta zo biya yana ci gaba da kansa ba sai an tambaye ku ba. Mutuminmu ya dakatar na wata uku, girbi ya riƙe shi har Oktoba, sai ya tarar an cire masa kuɗin wata biyu yana can gona. Kamfanoni sun san mantuwar ɗan Adam, shi ya sa in kun danna sokewa sukan fara miƙo muku dakatarwa. Ba laifi ku karɓa, amma ku rubuta ranar dawowar a kalandar waya, ku sa ta tuna muku kwana uku kafin lokacin. In tafiya ta ƙaru, ku shiga ku tsawaita ko ku soke.

Ga kuma ma'auni mai sauƙi. In kun san ranar dawowarku, dakatarwa ta dace da ku. In ba ku san ranar ba, ko kuna shakkar ma kuna son abin, ku soke. Wanda ya soke, sai ya ga dama zai koma biya. Wanda ya dakatar, sai ya tuna zai tsira.

A Netflix kuwa, ragewa ita ce hanyar da ta fi bayyana. A ƙasashenmu akwai ƙunshi huɗu: Mobile, Basic, Standard da Premium. Bambancinsu shi ne kyawun hoto da yawan na'urorin da za su kalla lokaci guda. Mobile na waya ne da kwamfutar hannu ta taɓawa, na'ura guda, ba ya aiki a talabijin. In ku kaɗai kuke kallo kuma a waya, biyan Premium asarar kuɗi ce kowane wata, ko kuna tafiya ko kuna gida. In kun hau sama canjin yana aiki nan take, in kun sauka sai ranar biya ta gaba. In kun soke ma za ku ci gaba da kallo har ƙarshen watan da kuka biya. Don haka ba sai kun jira ranar ƙarshe ba. Ku yi canjin yau, tun kuna tune.

Inda sokewa ke da haɗari

Abu na uku da mutuminmu ke biya shi ne wurin ajiya na Google One. A nan lissafin ya wuce na kuɗi, domin kayansa ne a ciki: hotunan iyali, rasiɗan kaya, takardun kwastan da ya ɗauka a waya.

Google yana ba kowane asusu GB 15 kyauta, kuma Gmail, Drive da Photos duk a cikinsu suke ci. Ga masu wayar Android, ajiyar hirarrakin WhatsApp ma yanzu a ciki ake lissafa ta. A ce yana biyan ƙunshin GB 200, ya duba ya ga GB 60 kawai ya cika. In ya soke, ma'auninsa zai koma 15 alhali kayansa 60 ne. Ba za a goge su nan take ba, amma ba zai iya ɗora sabon hoto ba, ajiyar WhatsApp za ta tsaya, kuma Gmail ɗinsa zai daina aikawa da karɓar saƙo. Abokin cinikinsa na Kano ya turo masa takardar kaya, saƙon ya koma wa mai shi, shi bai ma sani ba. In asusun ya zauna a haka har shekara biyu, Google yana iya goge abin da ke ciki.

A nan ragewa ce amsa. Ya sauka daga GB 200 zuwa GB 100: kayansa na 60 sun shiga har da sauran fili, imel yana aiki, kuɗin wata ya ragu. Matakin farko shi ne dubawa. Ku buɗe one.google.com/storage a waya, za ku ga nawa kuka cika da kuma abin da ya fi cin wuri. Ƙa'idar ita ce kada ku sauka ƙasa da abin da kuka riga kuka cika. In kuna son sokewa baki ɗaya, ku fara kwashe bidiyoyi da manyan hotuna zuwa kwamfuta ko katin ajiya, ku tabbatar sun buɗu a can, ku goge su daga asusun, ku zubar da kwandon shara domin abin da ke cikinsa ana lissafa shi, har sai ma'auni ya sauka ƙasa da 15. Sannan ne sokewa ba za ta cuce ku ba.

Abin da mutuminmu ya yi kafin ya hau mota

Talabijin ya mayar da shi ƙaramin ƙunshi saboda iyali suna gida, ya ajiye 15,000. Manhajar kallo ya dakatar da ita bayan ya tabbatar tsohon farashinsa zai jira shi, ya ajiye 9,000, ya kuma sa ranar dawowa a kalanda. Wurin ajiya ya sauke shi zuwa GB 100, kuma ko ya dawo ba shi da dalilin sake hawa. Abubuwa uku, kowanne da tasa amsar, ba ko ɗaya da ya soke. Maƙwabcinsa da zai kulle gida ya tafi Agadas na wata takwas, ba shi da rangwame ba shi da kaya a ajiye, shi nasa lissafin zai ce ya bar talabijin ya mutu ya soke sauran.

Abu guda ya rage. Wanda ya biya kuɗin shekara a dunƙule, yawanci ba shi da dakatarwa, kuma sokewa ba ta maido masa da ragowar watanni. Abin da zai yi shi ne ya kashe sabuntawa ta kai tsaye don kada a sake cirar ta shekara mai zuwa, ya ci gaba da amfani da abinsa har wa'adi ya cika.

Don haka yau da dare ku buɗe saƙonnin banki ko na asusun kuɗin waya na watan jiya, ku fitar da duk abin da aka cira. A gaban kowanne ku rubuta abu uku: ranar biya ta gaba, wata nawa za ku yi ba ku buƙatarsa, da abin da za ku rasa in kun fita, kuɗi ne ko kaya. Wanda babu abin rasawa, ku sake shi. Wanda akwai, ku riƙe shi da mafi ƙarancin kuɗin da zai riƙu.

A nan za mu dasa aya. Masu shirin tafiya gona, Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.